Magani uku bai saukar da jinina ba, ko akwai wata cuta a ɓoye?

Tambaya: Likita, shekarata 34. Ina shan amlodifin da lisinofiril da maganin sa fitsari, amma awona bai sauka daga 165/105 ba. An ce fotasiyam ɗina 3.1 ne, kuma ƙafafuna suna yawan ƙagewa. Ko wani abu ne daban ke jawo shi?

Amsa: Malam, ka cancanci a zurfafa bincike. Yawancin masu hawan jini ba a gano takamaiman sababin nasu, amma ƙarancin shekarunka da taurin kan da ciwon ya yi sun sa dole a nema.

Kafin a kashe kuɗi, a tabbatar kana shan maganin kullum, kuma madaurin na'urar awo bai yi wa damtsenka kaɗan ba, don ƙaramin madauri yana ƙara lamba. A kuma duba ko kana shan dikulofenak saboda ciwon jiki, ko gishiri da dunƙule da kanwa sun yi yawa a girki.

Idan duk ba wannan ba ne, zargina na farko yana kan adirinal, wata 'yar halitta da ke zaune bisa kowace ƙoda. Wani lokaci ƙaramin ƙari yakan fito mata, ta riƙa zuba sinadarin aldostiron fiye da kima. Shi kuwa sai ya sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da fotasiyam a fitsari. Daga nan ƙagewar take, domin bai kamata fotasiyam ya gaza 3.5 ba. Gaskiya ne maganin sa fitsari ma yana rage shi, amma lisinofiril ɗaga shi yake yi, don haka 3.1 abin tsayawa a duba ne.

Hanyar ganowa gwajin jini ne da ake ɗiba da safe, a kwatanta aldostiron da renin, wani sinadari da ƙoda ke fitarwa. Idan na farko ya hau, na biyu ya yi ƙasa sosai, zargi ya yi ƙarfi. Sai an gyara fotasiyam tukuna, in ba haka ba sakamakon zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan. Mai shan sifironolakton kuma, wato maganin da ke toshe aikin aldostiron, likita kan sauya masa shi aƙalla mako 4 kafin gwajin. Hoton siti sikan daga baya yake zuwa, don mutane da dama suna da ƙari a adirinal wanda ba ya fitar da komai. Idan ɓangare ɗaya ne ke da laifi, tiyata kan saukar da jinin. Idan duka biyun ne, sai sifironolakton.

Ka kuma tambayi iyali ko kana minshari mai ƙarfi, numfashi ya tsaya sannan ka zabura, da rana kuma gyangyaɗi ya dame ka. Wannan gwajin barci yake buƙata. Sannan likitanka ya kwatanta kiriyatinin ɗinka, wato awon jini da ke nuna aikin ƙoda, kafin fara lisinofiril da bayansa: idan ya ƙaru fiye da kashi 30 cikin 100, a ɗauki hoton jijiyoyin da ke kai wa ƙoda jini, ko sun tsuke.