Hukuncin sanarwar unguwa a ƙarshen huɗubar Juma'a

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni na'ibin limami ne a wani masallacin Juma'a nan cikin Damagaram. Juma'ar da ta wuce, bayan liman ya gama addu'o'i a huɗuba ta biyu, sai ya zaro takardu biyar daga aljihu ya shiga karantawa: rasuwar wani dattijo da za a yi wa salla bayan Juma'a, neman gudummawar gyaran rufin masallaci, maganin rigakafin masassarar cizon sauro da za a raba wa yara gida-gida, cigiyar rago, da buɗe sabon shagon wani ɗan unguwa a Kasuwar Dole. Abin ya kai minti goma, mutanen waje suka fara surutu, sannan ya ce "yagfirullahu lana wa lakum" ya sauko. Bayan salla wani ɗalibi ya ce Juma'armu ta ɓaci, sai mun rama azahar. Haka ne? Kuma wannan satin ni zan hau mumbari, ta yaya zan fita daga addu'a in shiga sanarwa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Juma'arku ta inganta, babu ramuwa a kan kowa. A mazhabar Imamu Malik sharaɗi ne huɗubobin nan biyu su kasance haɗe da salla, ana yafe rabuwa kaɗan, doguwar rabuwa ce ke sa a sake huɗuba. Ina jin wannan ne ɗalibin ya tuna, kuma bai yi laifi ba da ya tuna shi. Sai dai a yadda ka ba da labari, liman yana tsaye bisa mumbari, bai rufe huɗubarsa ba sai bayan takardun, yana rufewa kuma aka tada iƙama. Ke nan tsakanin ƙarshen huɗuba da kabbarar harama babu wani giɓi. Da a ce ya rufe, ya sauko, sannan aka miƙa wa wani lasifika ya yi minti goma yana jero sanarwa, nan ne maganar ɗalibin za ta yi nauyi, don mai kallo zai ce an bar huɗuba an shiga wani sha'ani. Ka kiyaye wannan wurin sosai: tsakanin saukowar liman da iƙama ba wurin sanarwa ba ne.

Ingancin sallar bai wanke duk abin da aka karanta ba. Mai huɗuba yana da damar yi wa jama'a magana a kan abin da ke gabansu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi wa Sulaikul Gaɗafani magana yana cikin huɗuba. Wani balaraben ƙauye ya tashi ranar Juma'a ya kai kukan fari da mutuwar dabbobi, Annabi ya ɗaga hannu ya roƙi ruwa a take. Sayyidina Umar ya tambayi Sayyidina Usman daga kan mumbari me ya sa ya makara. Shi ya sa Shehu Halil a Muhtasar ya lissafa umurnin mai huɗuba da haninsa cikin abubuwan da suka halatta. Ma'aunin da nake ba limamai ke nan: duk sanarwar da za ka iya faɗa da siffar umurni da alheri ko hani daga cuta, kuma ta shafi jama'ar da ke zaune gabanka gaba ɗaya, tana iya hawa mumbari. Wadda amfaninta na mutum ɗaya ne, wurinta daban.

Dalilin wannan tsanani shi ne shirun da aka ɗora wa mutane. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ya ce idan ka ce wa na kusa da kai "yi shiru" liman na huɗuba, ka yi lagawu, wato yasasshiyar magana. Mutumin da shari'a ta hana shi ko da wannan kalma, an hana shi ne don ya ji ambaton Allah, kuma amana ce a wuyan liman kada ya cika wannan shirun da tallan shago. Halil ma ya ambaci cewa haramcin magana yana sauka daga kan masu saurare idan mai huɗuba shi kansa ya shiga lagawu, bisa zaɓin wasu malaman mazhaba, kuma masu sharhi sun ba da misali da zagin wanda bai halatta a zaga ba, ko yabon wanda bai cancanta ba, ko karanta takardar da ba ta da alaƙa da huɗuba. Don haka surutun da ka ji daga waje, ni ban ɗora alhakinsa duka a kan mutanen ba. Wanda ke zaune bisa tabarma a bakin titi, rana na dukan ƙeyarsa, ya ji an koma maganar rago, me kake so ya yi?

Mu ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya. Rago da shago ba su da wuri, a huɗuba ko a wajenta, matuƙar cikin masallaci ne. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ji mutum na cigiyar ɓatacciyar dabba a masallaci ya ce masa kada Allah ya maido maka da ita, don ba a gina masallatai saboda haka ba. Shago kuwa, aya ta 9 a Suratul Jumu'a ta ce idan an yi kiran salla ku bar ciniki, to ina ga tallansa daga bakin liman? Mai rago ya tsaya a waje bayan an watse, ko ya kai wa mai unguwa, ko gidan rediyo. Na san nauyin da ke cikin mayar da takardar mutumin da wataƙila shi ya saya wa masallaci tabarmi, amma gara ka ba shi haƙuri a zaure tun ranar Alhamis.

Gudummawar rufi ta halatta, kuma tana da asali: Nasa'i ya ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri cewa Annabi ya kwaɗaitar da mutane sadaka ranar Juma'a saboda wani mutum da ya shigo cikin mummunan hali, suka ba da tufafi. Ka faɗi abin da ake bukata da adadinsa, ka faɗi inda za a karɓa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yawo da kwali ko ƙwarya cikin sahu ana huɗuba, don hadisin Muslim ya ce wanda ya taɓa tsakuwa ma ya yi lagawu, balle mai laluben aljihu yana neman canji. A tsaya a ƙofofi bayan sallama. Kuma kada a karanta sunayen waɗanda suka bayar da abin da kowa ya bayar, wannan yana jawo riya ga mai shi, yana kunyata marar shi.

Maganin yara shi ma ya hau. Rabon da ake yi da damina ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 kare rai ne, kuma magidantan da ke ba da izinin shiga gida su ne ke zaune gabanka. Jimla biyu sun isa: ranar da za a fara, da umurnin a buɗe ƙofa a kuma cika ba yaro maganin na sauran kwanakin kamar yadda ma'aikatan lafiya suka nuna.

Sanarwar rasuwa ce ke bukatar tsayawa, don mutane da yawa suna ɗauka ita ce ta fi kowace cancanta. A mazhabarmu an karhanta yin shelar mutuwa da ɗaga murya cikin masallaci ko a ƙofarsa, an yarda da sanar da mutane a hankali don su halarci salla. A ɗaya gefen, Annabi ya sanar da sahabbai rasuwar Najjashi a ranar da ya rasu. Abin da nake gani ya haɗa biyun shi ne a bar ta sai bayan sallama, a faɗe ta gajere: wane ya rasu, za a yi masa salla yanzu a filin waje. Ban da jero muƙamansa da 'ya'yansa da surukansa. Cikin huɗuba kuwa addu'ar da kake yi wa mamatan Musulmi ta riga ta haɗa da shi.

Takardu biyar sun koma biyu ke nan a kan mumbari. Yadda za ka shigar da su ba tare da an ji an yanke zare ba shi ne ka jera addu'arka ta yadda ta ƙarshe za ta zama ƙofar sanarwar. Ka fara da salati, sai sahabbai, sai Musulmi rayayyu da matattu, sai shugabanni da zaman lafiyar ƙasa, sai damina mai albarka, ka ajiye addu'ar marasa lafiya da yara a ƙarshe. Mutane na cewa amin a asirce, sai ka ce da Hausa, da muryar da kake huɗuba da ita, ba tare da ka zaro takarda ba: "Bayin Allah, mun roƙi Allah lafiyar 'ya'yanmu, to ga sababi ya kawo mana. Daga ranar Alhamis masu rabon maganin masassara za su zaga gidaje, kowane magidanci ya ba da izini a shiga. Kuma ɗakin Allah da kuke ciki yana yoyo, gyaransa jikka ɗari uku ne, an samu ɗari da ashirin, masu karɓa suna ƙofar gabas bayan sallama." Daga nan ka koma Larabci, ka karanta "Innallaha ya'amuru bil adli wal ihsan" har ƙarshen ayar, ka rufe da "yagfirullahu lana wa lakum", wanda shi ne mustahabbi a wurinmu, ko "uzkurullaha yazkurkum", shi ma ya isar. Ka sauko, ladan ya tada iƙama.

Sanarwar nan duka ba ta kai minti ɗaya ba, kuma haka ya kamata. Mustahabbi ne a gajarta huɗubobin biyu, ta biyu ta fi ta farko gajarta, kuma hadisin Ammar a Muslim ya sanya tsawon salla da gajartar huɗuba alamar fahimtar mutum. Idan ka ga huɗubarka ta biyu ta fi ta farko tsawo saboda sanarwa, ko ka ga kawuna sun fara juyawa, ka wuce iyaka. Ka haddace rana da adadi tun a gida, don kuskuren da aka faɗa bisa mumbari yana da wuyar gyarawa kafin wata Juma'a.

Sauran sanarwa masu halatta, kamar ɗaurin aure, sauya lokacin karatu ko gayyar share maƙabarta, ladan ko wani daga kwamitin masallaci ya faɗe su kafin liman ya fito, ko bayan sallama. Idan bayan sallama ne, a ɗan dakata har waɗanda raka'a ta kuɓuce wa su cika sallarsu, kada lasifika ta rikita musu karatu. Kuma kada a tsare ƙofa ko a ce kowa ya zauna dole, don aya ta 10 ta ba mutane izinin watsuwa da zarar an ƙare salla.

Wallahu a'alam.