Bakod ko sitika mai rediyo: wanne ya dace da sito na?

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shago da sito a Kantin Kwari, atamfa da shadda kusan turmi 3,000, sai turare da man shafawa kaɗan. Duk ƙirgar wata sai an sami giɓi. Wani ya ce in sa bakod, wani ya ce in sa wannan mai rediyon, RFID. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Na yi shekaru ina riƙe da sito, kuma duka biyun sun bi ta hannuna.

Bakod zane ne kawai a takarda, sai sikana ta gan shi ido da ido, ɗaya bayan ɗaya. Kuɗinsa kusan kuɗin takarda ne: firinta ƙarama, nadin sitika, da sikana ta hannu, ko waya ma tana karantawa. Shi kuwa mai rediyon, a cikin sitikar akwai ɗan ƙanƙanin guntun lantarki da siririyar eriya. Ba shi da batir, na'urar karatun ce ke ba shi wuta ta iska, ya amsa daga nisan mitoci kaɗan, ko yana cikin leda ko kwali. Kuma kowane turmi da lambarsa daban, alhali bakod da aka saba yana faɗin irin kayan ne kawai, turmi ɗari masu zane ɗaya lambarsu ɗaya.

Mu yi lissafi da kayanka. Yaro ya jawo turmi, ya nemo sitika, ya harba, ya mayar, mu ce daƙiƙa 5. Sau 3,000 ya zama daƙiƙa 15,000, wato sama da awa 4 ba tsayawa, kuma ka san da sallah da ciniki sai ya cinye yini. Da na'urar rediyo na zagaya sito mai kusan wannan yawan cikin abin da bai kai rabin awa ba, ban sauke ko turmi ɗaya ba. Amfanin ke nan, wanda yake ƙirga duk wata zai koma duk mako, giɓi ya bayyana tun ana iya tuna wanda ya shiga sito. A kan kanta kuwa, wajen sayar da turmi biyu ko uku, ban ga wani bambanci ba.

Amma na'urar rediyo ta hannu kaɗai tana ninka kuɗin sikanar bakod sau da yawa, ga manhaja, ga sitikar da ke tafiya da kowane turmin da ka sayar. Mu ɗauka sitika ɗaya ta kama maka naira 200. Cikar farko naira 600,000 ke nan, sannan kowace dila ta shigo sai an sake saye. A kan shadda mai tsada ba za ka ji ba. A kan kwalbar man da ribarsa ba ta wuce naira 300 ba, ka ba sitika ribar. Manyan kamfanonin tufafi irin su Zara da Uniqlo suna cin moriyarsa ne domin tun kafin kaya su iso shago an riga an sa musu alamar. Kai kuwa yaranka ne za su zauna su manna.

Batun daidaito ne ya fi ba ni wahala. Bakod da wuya ya karanta lamba ba daidai ba, kuskurensa na mutum ne, a tsallake turmi ko a harba sau biyu. Sai kuma sitikar da ake bugawa da zafi kawai ba tare da ribon tawada ba, wadda zafin rani a ƙarƙashin kwano ke dusar da ita, don haka ka sayi firinta mai ribon. Mai rediyo kuskurensa iri biyu ne. Ruwa yana shanye siginar, ƙarfe yana karkatar da ita, shi ya sa turaren gwangwani da na kwalba suke yin shiru, haka turmin da ya jingina da kantar ƙarfe. Sannan yana jiyo abin da ba a tambaye shi ba. Akwai ranar da na'ura ta ba ni 40 fiye da littafi, ashe kayan da aka riga aka biya ne, suna bayan falanki suna jiran mota. Sai da na rage ƙarfin na'urar lissafi ya zauna. Ka kuma sani sitika yake ƙirgawa: in wani ya ɓare ta ya jefa bayan kanta ya fita da turmin, na'ura za ta ce kaya na nan.

Shawarata Alhaji, ka fara da bakod a kan komai, da sharaɗin babu abin da zai shiga ko ya fita sito sai an harba. Yawancin giɓin da na gani daga nan yake, bashi ko canjin kaya da ba a rubuta ba. In bayan wata uku giɓin yana nan a ɓangaren shadda, ka sa mai rediyo a kan shaddar kaɗai. Kafin ka biya, mai sayarwa ya zo sitonka ya gwada a kan turmi 100 da ka ƙirga da hannu, a jere yadda kake jera su, sau uku. In ba ta kawo 100 kowane karo ba, kada ka karɓa.