Gida ɗaya ya dace, amma malam ya ce ban ci ba

"An ba mu wannan teburin yiwuwa na X da Y. Na gwada gidan farko, 0.40 × 0.25 = 0.10, ya dace, sai na rubuta cewa ba su dogara da juna ba. Malam ya soke amsar. Ina kuskuren yake?"

```
      Y=0   Y=1   Y=2
X=0  0.10  0.25  0.05
X=1  0.15  0.25  0.20
```

Ɗan'uwa, malam na da gaskiya, X da Y sun dogara da juna. Jimillar gefenka daidai take: layukan kwance sun ba da 0.40 da 0.60, na tsaye kuma 0.25, 0.50, 0.25. Sai dai sharaɗin P(X=x, Y=y) = P(X=x) × P(Y=y) dole ya cika a kowane gida, gida ɗaya ya saɓa magana ta ƙare. Matsa gida na biyu ka gani: 0.40 × 0.50 = 0.20, alhali tebur ya ce 0.25. Wato yiwuwar Y=1 rabi ce, amma da zarar ka san X=0 sai ta haura zuwa 0.25 ÷ 0.40 = 0.625. Dogaron ke nan.

Na lura ɗalibai suna ɗauko wannan ɗabi'a ne daga tebur mai gida huɗu, biyu a kwance biyu a tsaye. A can gida ɗaya ya wadatar, domin jimillar gefe ita ke tilasta sauran ukun su dace. Naka mai gida shida ne, don haka sai gida biyu a layin kwance ɗaya sun dace kafin ka yanke hukunci. In kuwa ka hangi sifili a wani gida, alhali layinsa na kwance da na tsaye duk suna da jimilla, kada ka wahalar da kanka da lissafi, akwai dogaro.