Me ya sa aka dawo da turaren da na aika Landan?

Tambaya: Ina sayar da kayan ƙamshi a Kano. Na aika wa wata mai saye a Landan humra da turaren fesawa da kilishi, sai aka dawo mini da kunshin. Ina matsalar?

Amsa: Hajiya, turaren fesawa ne ya fara jawo miki. Akwai sinadarin alkohol a cikinsa, shi ya sa dokar jigilar jirgin sama ta sa shi a aji na 3, na ruwa mai kama wuta, lambarsa UN1266. Gidan waya ba ya ɗaukarsa zuwa ƙasar waje. Na'urar bincike na hango kwalba sai a buɗe kunshin, a mayar da shi tun bai bar ƙasa ba. Humra ma in an haɗa ta da turaren ruwa mai alkohol hukuncinta ɗaya.

Kilishin kuwa, da a ce ya isa can, da ba zai dawo ba. Birtaniya ta hana shigo da nama daga Najeriya, busasshe ko ɗanye, saboda cututtukan dabbobi. Ƙwacewa za su yi su lalata, ba diyya.

Ki duba abin da kika rubuta a takardar kwastan, CN22 ko CN23. In "kyauta" kika sa alhali ciniki ne, wannan kaɗai ya isa a tsare kaya. Ki rubuta sunan kowane abu da nauyinsa da ainihin kuɗinsa. Turare kuma ki nemi kamfanin jigila mai izinin ɗaukar kaya masu haɗari, za su nemi takardar SDS, wato takardar da ke bayyana sinadaran da ke cikin turaren da haɗarinsu.