Hotuna 36, Sashe na 14 Sau Biyu: Ina Fassarar Ta Karkace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa. Shugabanmu ya ɗauki hoton kundin dokokinmu na Turanci shafi-shafi ya turo mini ta WhatsApp, hotuna 36, don in mayar da shi Hausa kafin babban taro. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da Google Lens ina gyara Hausar. Da na haɗa sai na ga Sashe na 14 ya fito sau biyu, babu na 15, kuma kan magana ɗaya ya zo da suna uku. Na ƙirga hotunan, sun cika. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Sannu da ɗawainiya. Tun kafin ka fassara kalmar farko aikin ya soma karkacewa, domin ka ɗauki kowane hoto tamkar takarda ce mai zaman kanta. Wanda ya rubuta kundin kuwa da sassa ya gina shi, shafi kawai inda takarda ta ƙare ne. Don haka ka ajiye fassarar tukuna, ka zauna da hotunan da biro da takarda na kamar rabin awa.

Fara da ƙirgen da ya kwantar maka da hankali. Cikar hotuna ba ta nuna cikar shafuka. Mai ɗaukar hoto yakan ga hannunsa ya girgiza sai ya sake ɗaukar shafi, can gaba kuma ganye biyu su manne ya tsallake ɗaya. Ƙari ɗaya da ragi ɗaya, lissafi ya koma daidai, alhali shafi guda ya salwanta. Sunayen da WhatsApp ke ba hotuna, irin su `IMG-20240312-WA0007.jpg`, su ma ba su san lambar shafi ba, lamba ce da waya ke liƙa wa hoto yayin adana shi.

Ga yadda za ka kama ɓarawon. Buɗe kowane hoto ka dubi lambar da aka buga a ƙasan shafin ko samansa, ka rubuta ta kusa da lambar hoton. Mu ɗauka hoto na 1 bango ne, na 2 da na 3 jerin abubuwan da ke ciki ne, sai shafi na 1 ya faɗo a hoto na 4. Ke nan tazarar da ke tsakanin lambar hoto da lambar shafi uku ce, kuma dole ta zauna uku har ƙarshe: hoto na 17 shafi na 14, hoto na 36 shafi na 33. Duk inda tazarar ta zama huɗu, an maimaita shafi a nan. Inda ta sauko kuwa, an tsallake. Idan ka ga ta hau huɗu a hoto na 18 ta dawo uku a na 19, to shafi na 14 ya zo sau biyu, na 15 bai zo ba, kuma ba mamaki a nan ne sashenka ya ɓata. In takardar ba ta da lambar shafi sam, karanta layin ƙarshe na kowane hoto tare da layin farko na mai bi masa. In maganar ba ta haɗu ba, akwai giɓi.

Da ka gama, sake wa hotunan suna da lambar shafin da aka buga, ka sa sifili a gaban masu lamba ɗaya:

```
00a-bango.jpg
00b-ciki.jpg
00c-ciki.jpg
01.jpg
02.jpg
10.jpg
```

Sifilin nan yana da aiki. Manhajoji da yawa suna jera suna harafi-harafi, sai ka tarar 10 da 11 sun shiga gaban 2.

Tunda dai za ka koma wa shugaba kan shafin da ya ɓata, roƙe shi ya sake turo duka ta `Document` maimakon hoto. Turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi, ƙananan haruffa su dushe, ta `Document` kuwa yana isowa da ingancinsa da sunansa. Abin da manhajar karanta rubutu daga hoto, wato OCR, ta fi so shi ne ɗigo 300 a kowane inci, wanda a takardar A4 ya kama 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Ya shimfiɗa kundin a tebur kusa da taga, ya danne tsakiyarsa, domin lambobin sassa a gefen hagu suke, kuma a shafin dama nan ne takarda ke lanƙwasawa inuwa ta kwanta.

Wannan ya kawo mu ga ɗaya dalilin da zai iya haɗiye Sashe na 15 ko da shafinsa na nan. OCR takan rikita 1 da `l` ko `I`, ta rikita 5 da `S`, ta rikita 0 da `O`. Idan ta karanta `15.` a matsayin `IS.`, injin fassara ba zai gan ta a lamba ba, zai ɗauke ta kalma ya narkar da ita cikin jimla, sai dokokin sashen su manne a wutsiyar na 14. Alamarsa ita ce Sashe na 14 ya yi tsawon da bai dace ba, ko ƙananan lambobinsa su kai (4) sannan su sake farawa daga (1). Fitowa sau biyu ma tana da wata sila: wasu kundaye suna maimaita sunan sashe a saman kowane shafi, manhaja kuwa ba ta bambanta wannan da sabon kan magana. Irin wannan layin gogewa ake yi tun a rubutun Turancin.

Shi ya sa nake raba aikin gida biyu, kuma ba na yarda a haɗa su. Da farko a fitar da rubutun Turancin duka, a zuba shi a fayil ɗaya bi da bi, a gyara shi da ido ana duban hoto. Za ka iya kwafo shi da Google Lens ɗin da ka saba, ko ka ɗora hoton a Google Drive ka zaɓi `Open with` sannan `Google Docs`. Sai dai ka sani wannan hanyar ba ta cika riƙe jadawali da jerin lambobi yadda suke ba, don haka shafin kuɗin rajista da na biyan tara da hannu za ka sake gina su. A duk inda shafi ya ƙare ka bar alama kamar [shafi na 14], ko da a tsakiyar jimla ne, amma ka haɗe jimlar ta zama ɗaya.

Kada ka raina haɗe jimlar nan. A ce shafi ya ƙare da cewa ba za a ba memba rance ba, mai bi masa ya fara da sharaɗin: sai ya cika wata shida yana biyan kuɗin wata. Wanda ya fassara hoton farko shi kaɗai zai rufe jimlar, ya haramta rance ga kowa. Na biyun kuma zai fito da guntuwar magana marar kai. A taron ƙungiya, inda mutane suka zo da batun kuɗin taki a ransu, wannan kuskure ɗaya ya isa ya tayar da ƙura. Fassara sashe-sashe ake yi, daga lamba zuwa lamba.

Sai batun kan magana mai suna uku. Kowane hoto an fassara shi ba tare da sanin abin da aka ce a na baya ba, sai `Section` ya zama sashe a nan, kashi a can, babi a gaba. Maganinsa ka yanke hukunci sau ɗaya kafin ka fara. Tsamo duk kanun kundin ka jera su a shafi guda, ka fassara su a zama ɗaya, su ne ƙashin bayan aikin. Ni nakan ba `Part` kashi, `Chapter` babi, `Section` sashe, `Subsection` ƙaramin sashe, `Schedule` kuma rataye. Za ka iya zaɓar wasu, muddin kowace kalma tana da aiki ɗaya tak. Haka za ka yi wa muƙamai: in ka ce ma'aji, ma'aji ne har shafi na 33, kada ya koma mai ajiyar kuɗi a tsakiya, mutane su zaci mutum biyu ne. Kuma ka gwada kanun da ke jikin kundin da waɗanda ke jerin abubuwan da ke ciki. Jerin nan shi ne mai gaya maka sassa nawa ya kamata ka samu.

Lambobi kuwa ba a fassara su, ɗauko su ake yi yadda suke. Na taɓa duba aikin wani mai kishin harshe da ya mayar da (a), (b), (c), (d) zuwa jerin Hausa, ya sa (a), (b), (ɓ), (c). Niyyarsa kyakkyawa ce, amma can gaba inda kundin ya ce a duba sashe na 9(c), mai karanta Hausar sai ya sauka a kan abu na huɗu maimakon na uku. Ranar da gardama ta tashi za a ajiye Turancin da Hausar gefe da gefe, dole 9(c) ya zama abu ɗaya a duka biyun. Ka kuma lura da (i): in ta biyo bayan (h) harafi ce, in (ii) ta biyo ta lambar Romawa ce, kuma matakinsu a shigar layi ba ɗaya ba ne. Ko da ka tarar kundin asali da kansa ya tsallake lamba, kada ka gyara masa a ɓoye. Bar ta yadda take, ka rubuta a gefe cewa haka yake a asali, ka kai wa shugabanni su yanke.

Idan da Microsoft Word kake bugawa, yana da karambani biyu. Yakan karɓe lambobi ya riƙa jera su da kansa, ta yadda goge layi ɗaya zai mayar da 16 ta koma 15 ba ka sani ba. Kashe wannan ta `File`, `Options`, `Proofing`, `AutoCorrect Options`, `AutoFormat As You Type`, ka cire alamar `Automatic numbered lists`, ka buga lambobinka da hannu. Na biyu, yakan mayar da (c) ta zama ©. Da ka ga haka danna `Ctrl+Z` nan take, za ta dawo. Kanun kuwa ka sa musu `Heading 1` da `Heading 2`, sai ka buɗe `Navigation Pane` ka ga jerinsu duka a gefe, inda lamba mai maimaici ko wadda ta ɓata za ta fito fili.

Hausa takan fi Turanci cin wuri, don haka shafukanka ba za su tsaya a 33 ba, kuma kada ka matse rubutu don su tsaya. Lambobin shafi a jerin abubuwan da ke ciki sababbi za ka sa, na fassarar, bayan ka gama komai. Alamomin [shafi na 14] kuma ka bar su a kwafin da za ka riƙe a taro, don in wani ya ce a nuna masa a Turancin ka buɗe wurin nan da nan.

Kafin ka kai wurin buga takarda, samu mutum ɗaya ya riƙe hotunan, kai ka riƙe Hausar. Ya riƙa kiran lambobi kaɗai da ƙarfi, sashe da ƙaramin sashe da kowane adadin kuɗi da kwanaki, kai kana sa alama da biro. Sannan ka nemo kalmar "sashe na" da `Ctrl+F`, ka bi duk inda kundin ya tura mai karatu wani wuri, ka je wurin ka tabbata maganar da ake nufi ce ke can. Amma yau dai ka fara da hoto na 17 zuwa na 19, ka ga lambar da ke ƙasan kowanne.