A tsaye ko a kwance zan ɗauki bidiyo?

Tambaya: "Ina so in ɗauki bidiyo ɗaya in sa a YouTube da kuma TikTok, shin wayar a tsaye zan riƙe ta ko a kwance?"

Ɗan uwa, tun kafin ka danna rikodin ka yanke shawarar inda bidiyon zai fi zama, don gyara daga baya akwai asara. TikTok da Reels da Shorts duk 9:16 ne, wato a tsaye, dogon bidiyon YouTube kuma 16:9 ne, a kwance.

Ga inda matsalar take, in ka ɗauka a kwance da 1080p faɗinsa pixel 1920 ne, wato ɗigon da ke haɗa hoto, tsayinsa 1080, to da zarar ka yanko na tsaye daga ciki faɗin da zai rage maka kusan 608 ne kacal, kusan kashi biyu cikin uku na hoton ya tafi, shi ya sa za ka ga fuska ta yi dishi-dishi, in mutum biyu ne zaune gefe da gefe ma ɗaya sai dai a ga kafaɗarsa.

Ni dai shawarata, tunda duka biyun kake so, ɗauka a kwance amma ka sa kyamarar a 4K, yankan zai ba ka faɗin 1215, ya haura faɗin 1080 da ake buƙata a bidiyon tsaye. Kunna layukan Grid, wato layukan da ke raba allon kyamara gida-gida, ka ajiye mai magana a tsakiya kar ya riƙa yawo, ka ɗan ja baya. Sai dai 4K na cin memori sosai, duba wurin da ya rage maka tukuna.

Kuma kar ka juya wayar bayan ka fara, yadda ka fara haka fayil ɗin zai tsaya, sauran duk ya fito a karkace.