Siyasa daban, aikin gwamnati daban: anya kuwa?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. An koya mana wai siyasa daban gudanar da mulki daban, sai kuma lakcara ya ce ai tuni masana suka yi watsi da wannan ra'ayin. To wanne za mu kama?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Duka biyun za ka kama, amma ka fara sanin ciwon da ya sa aka kawo maganin.

A Amurka ta ƙarni na 19 duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta sallami ma'aikata ta zuba 'yan koren ta, har masinja. Abin ya kai a 1881 wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe shugaba Garfield, shi ne a 1883 aka yi dokar Pendleton ta ɗaukar aiki bisa jarrabawa da cancanta. A cikin wannan yanayin Woodrow Wilson ya rubuta maƙalarsa a 1887, ya ce a fitar da aikin ofis daga hayaniyar siyasa, sai Frank Goodnow a 1900 ya tsara maganar: siyasa ce ke faɗin abin da ƙasa take so, ma'aikata kuma su aiwatar. Ka ga kariya ce suke nema wa ma'aikaci, kuma nan suna da gaskiya.

Inda matsalar take, bari in ba ka misali na gida. A ce gwamnati ta ce a sayar wa "ƙananan manoma" taki a farashi mai rahusa, aka turo wa ƙaramar hukuma buhu 3,000, manoma 12,000 suka rubuta suna. A takarda ɗan siyasa ya gama nashi, saura aiwatarwa. To amma waye ƙaramin manomi? Mai eka ɗaya ko mai biyar? Takardar ba ta faɗa ba, shugaban sashen noma ne zai zauna ya yanke. Za a raba wa mazaɓu daidai wa daida ne, ko a fi ba ƙauyukan da ake noman sosai irin su Dambo da Wuciciri a kan cikin ganuwa? In ya ce sai mai takardar gona, to ya fitar da masu aron gona da yawancin mata ba tare da wata majalisa ta zauna ta ce a fitar da su ba, in kuma takardun suka kwanta a tebur har aka shiga watan Agusta masara ta wuce lokacin taki, tallafin ya zama na 'yan kasuwar da za su saye su ɓoye. Mutum 9,000 dole su rasa ko da buhu ɗai-ɗai aka raba, kuma wanda ya zaɓi waɗanda za su rasa ba zaɓaɓɓe ba ne. Wannan in ba siyasa ba ce mene ne?

Abin da masana suka gani ke nan, musamman waɗanda suka shiga gwamnati lokacin Roosevelt da yaƙin duniya na biyu suka ga aikin da idonsu. Paul Appleby a 1949 ya ce ma'aikata kullum cikin tsara manufa suke, Dwight Waldo kuma a 1948 ya nuna ko "inganci" da ake ta faɗa ba ya rasa ɓangare, inganci don amfanin wa? Ga kuma ta sama: memon da kwamishina ke kaiwa majalisar zartarwa ai babban sakatare da daraktoci ne suka rubuta, zaɓi uku da suka sa masa su zai duba, na huɗun da suka bari ba zai ma san da shi ba.

Mu nan mun ga ƙarshen abin ta ɓangarori biyu. Zamanin Gowon manyan sakatarori irin su Allison Ayida da Philip Asiodu da Ahmed Joda sun yi ƙarfi har ana ganin su ke juya ƙasar, sai Murtala ya zo a 1975 ya sallami ma'aikata wajen dubu 10. A 1988 kuma Babangida ya mayar da babban sakatare darakta janar, muƙamin siyasa, in gwamnatin da ta naɗa shi ta tafi ya bi ta, minista ya zama mai sa hannu kan kuɗi. Ni a ganina wannan ya fi ɓarna, don wanda kujerarsa ke hannunka ba zai taɓa ce maka "ranka ya daɗe wannan ya saɓa ƙa'ida" ba. Zamanin Abacha aka soke tsarin bayan kwamitin Ayida, aka dawo da manyan sakatarori.

Don haka a jarrabawa ka rubuta cewa a matsayin bayanin yadda gwamnati take aiki ra'ayin ya faɗi, amma a matsayin ƙa'ida, wato kar ciyaman ya kori akanta don bai zaɓe shi ba, kar ma'aikaci ya ɗauki katin jam'iyya ya raba taki da shi, har yau yana nan cikin dokokin aikin gwamnati. Ka kawo sunayen da shekarun, sannan ka ɗora misali ɗaya ka bi shi daki-daki.